Ƴan sitaj a Nijar: sa hannun da ake riƙe su da shi, da inda za su kai kuka



Duk shekara, da karatu ya doshi ƙarshe, sai ka ga matasa da takardu a hannu suna zagaya asibitoci, bankuna, gidajen rediyo, ofisoshin ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati, daga Yamai har Damagaram, suna neman wurin koyon aiki, abin da kowa a Nijar ya sani da suna sitaj. Wasu makaranta ce ta tura su, domin ba a ba su difloma sai sun yi. Wasu sun gama tuni, aiki ne babu, suka gwammace zaman ofis ba albashi a kan zaman gida. Uba yana murna in ɗiyarsa ta samu wuri, har ya je ya yi wa wanda ya yi hanyar godiya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: in wanda aka damƙa masa yarinyar ya nemi abin da bai halatta ba, ko aka mayar da yaron jakin ofis shekara da shekaru, ina za su nufa, kuma da me a hannu?

Mun zaɓi mu tsaya a kan dokar Nijar, don ita ce ke hukunta mafi yawan masu karanta mu, kuma don maganar haƙƙi ba ta da amfani sai an san a gaban wane alƙali za a faɗe ta.

Mu fara da abin da ya bambanta mai sitaj da ma'aikaci. Ma'aikaci in an matsa masa yana da albashin da zai yi shari'a a kai, yana da wakilan ma'aikata a wurin aikinsa, wataƙila da ƙungiyar ƙwadago. Mai sitaj ba ya da ko ɗaya. Abin da ya zo nema takarda ce guda, shaidar ya kammala, da makin da za a aika wa makarantarsa, kuma duka biyun suna hannun mutum ɗaya, wanda ke duba aikinsa. Ɗalibar makarantar kiwon lafiya da iyayenta suka biya kuɗin shekara uku, wasu har da saida gona ko bisashe, ta san rashin sa hannun nan yana iya janyo mata maimaita shekara. Shi ma wanda ke riƙe da alƙalamin ya sani. Wannan ita ce igiyar, kuma duk shawarar da ba ta fara da kwance ta ba, shawara ce ta wanda bai shiga rigar ba. Cewa yarinya "ki bar wurin kawai" yana da sauƙi a bakin wanda ba shi zai biya kuɗin wata shekarar ba.

To me doka ta ce? Ƙofa biyu ce, kuma mutane da dama suna wahala ne don sun buga wadda ba tasu ba.

Ta farko ita ce dokar ƙwadago, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Sashe na 45 ya haramta a yi amfani da iko a wurin aiki don matsa wa wani ya ba da kansa. Dokar ta kuma ƙayyade aikin mako a awa 40, abin da ya haura ana biyansa daban. Amma sashe na 2 ya faɗi wanda take kira ma'aikaci: mutumin da ya sa aikinsa ƙarƙashin umarni da ikon wani, ana biyansa lada a kai. Ma'aikatan gwamnati na dindindin ba sa ciki, suna da tasu doka. Ka ga ke nan ɗalibar da makaranta ta tura wata uku, ba a ba ta ko dala, in ta je wurin sufeton ƙwadago ana iya ce mata ba ma'aikaciya ba ce, rigimarta ba ta aiki ba ce. Da yawa daga nan suke komawa gida da tunanin doka ba ta san da su ba.

Alhali ƙofa ta biyu a buɗe take. Kundin hukunta laifuka, tun gyaran da aka yi masa da doka mai lamba 2003-25 ta ranar 13 ga Yuni 2003, ya tanadi sashe na 281.1, wanda bai tambayi ko ana biyan mutum albashi ba. Duk wanda ya matsa wa wani da umarni, ko barazana, ko tilas, don ya samu biyan sha'awa daga gare shi, an tanadar masa ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar jaka 10 zuwa jaka 100 na sefa. In kuma ya yi amfani da ikon da muƙaminsa ya ba shi, ɗaurin yana kamawa daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, tarar kuma jaka 20 zuwa jaka 200. A ganinmu hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai in aka auna shi da rayuwar da ake ɓatawa. Amma ga likita ko shugaban ofis, a rubuta sunansa cikin waɗanda kotu ta kama da wannan laifi ya fi tarar ciwo nesa ba kusa ba, kuma sun san haka.

A lura da kalmomi ukun nan: umarni, barazana, tilas. A nan ƙarfin dokar yake, a nan kuma rauninta. Mutumin da kullum yake yi wa yarinya maganar batsa, yana yaba jikinta, yana ƙura mata ido har ta rasa inda za ta sa kanta, ya cuce ta, amma in bai taɓa haɗa hakan da wata barazana ba, lauyansa zai ce wasa ne, ko neman aure ne aka yi wa mummunar fahimta. Ranar da ya ce "in ba ki zo ba kada ki sa ran sa hannuna", ranar ce ya shiga tarkon sashen da ƙafarsa. Saboda haka jimlar da ta fi tsorata yarinya, wadda take gaggawar gogewa daga wayarta don kada wani a gida ya gani, ita ce mafi tsadar abin da ta mallaka. In kuma abin ya kai ga kai hannu jiki, ya fita daga wannan sashe ya shiga laifin keta mutunci mai hukunci mafi nauyi, fyaɗe kuwa babban laifi ne mai ɗaurin shekara 10 zuwa 20.

A wajen ƙasa an riga an rufe wannan giɓi a rubuce. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a Janeba a watan Yuni 2019, ta ambaci masu sitaj da masu koyon sana'a da sunansu cikin waɗanda take karewa, har ma da masu neman aiki, kuma ta haɗa da abin da ya faru ta waya ko a tafiyar aiki. Najeriya ta rattaba mata hannu a watan Nuwamba 2022. Ma'auni ne mai kyau da ya kamata masu gyaran dokokinmu su duba. Sai dai wanda zai tsaya gaban alƙali a Maraɗi gobe, da sashe na 281.1 zai tsaya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ɗaliba ce a shekara ta uku a wata makarantar kiwon lafiya mai zaman kanta, an tura ta sitaj na wata uku a wani kilinik na kuɗi. A mako na biyu wanda ke duba aikinta ya karɓi lambarta, wai don tsarin aiki. A mako na huɗu saƙon dare ya fara. A mako na shida ta ga an canza jadawali, an sa ta kwanan aiki sau uku a mako, kuma duka ranakun da shi yake kwana. Da ta fara kauce masa, sai ya aiko da saƙon murya cewa akwai waɗanda suka fi ta taurin kai, kuma har yau ba su ga takardarsu ba. Saura mako shida ta gama.

Abu na farko ba kai ƙara ba ne, adana shaida ne, kuma a daren nan. Manhajar WhatsApp tana ba mai aikawa damar goge saƙo daga wayoyin biyu, akwai kuma saƙon da ke ɓacewa da kansa bayan wani lokaci. Sai ta ɗauki hoton fuskar wayar yadda lambarsa, da rana, da awa za su fito. In ta ajiye shi da suna a wayarta, ta ɗauki hoton shafin da ke nuna lambar, domin kowa yana iya sa wa kowace lamba sunan da ya ga dama. Saƙon murya kuwa, in an tura shi wata waya ba ya tafiya da shaidar wanda ya fara aiko shi, don haka ainihin wayar ita ce shaida: kada a saida ta, kada a wanke ta, kada a ba ƙane ya yi wasa da ita. A ajiye kwafi a wurin mutum ɗaya amintacce, uwa ko yaya, ba a rukunin ƙawaye ba. Wanda ke da hali yana iya kai wayar wurin jami'in shari'a mai rubuta shaidar gani da ido, ya rubuta abin da ya gani ya sa hatimi. Ana biyan kuɗi, amma takardarsa tana da nauyi a kotu. Ta kuma ɗauki hoton jadawalin da aka liƙa a bango, na da da na yanzu. Sannan ta samu ɗan littafi tana rubuta rana, awa, wuri, abin da aka faɗa, da wanda yake kusa. Bayan wata biyar, a gaban ɗan sanda, "wata rana da dare" ba ta kai "Talata 14 ga wata, wajen ƙarfe 11, a ɗakin magani, mai shara yana bakin ƙofa" ba.

Abu na biyu, amsa guda a rubuce, gajera, ba zagi: ta ce ba ta son irin waɗannan saƙonni, a tsaya ga maganar aiki. Mun san tarbiyyarmu tana sa yarinya ta amsa wa babba da "to", ko da ɗan murmushi a waya don a rabu lafiya. Amma wannan "to" ɗin ita ake karantowa daga baya a ce ai da yardarta. Saƙo ɗaya na ƙin yarda yana rufe wannan hanya. Wadda ta riga ta amsa da ladabi sau goma kada ta ce ta makara, ta aika yau. Kada kuma ta goge nata saƙonnin don ta ji kunyarsu. Hirar da aka tsinke rabi ta fi jawo shakka a kan cikakkiya.

Abu na uku shi ne kwance igiyar, kuma a nan makaranta ta shigo. Sitaj na makaranta ya kamata ya zama da takardar yarjejeniya tsakanin makarantar, da wurin aikin, da ɗalibi, mai ɗauke da ranar farawa da ta gamawa, aikin da za a koya, awowi, da sunan mai dubawa. Wadda ba ta taɓa ganin tata ba ta nema. Sai ta rubuta wa daraktan karatu wasiƙa, kwafi biyu, a sa wa ɗaya hatimi da kwanan wata a mayar mata. A ciki ta nemi abu uku a fili: a sauya mata wuri ko mai dubawa, a lissafa mata makonni shidan da ta riga ta yi, kuma kada wanda take kuka da shi ya ba ta maki. Wannan ba alfarma ba ce. Makarantar ce ta karɓi kuɗi, ita ta tura, ita ke ba da difloma. Mu faɗi gaskiya, makarantu masu zaman kansu suna tsoron rasa wuraren da ke karɓar ɗalibansu, shi ya sa in an je da baki kawai ake cewa "ki yi haƙuri, saura kaɗan". Wasiƙa mai hatimi ba ta ɓacewa kamar maganar baki, kuma darakta ya san in abu ya ɓaci gobe za a tambaye shi me ya yi ranar da ya karɓe ta. Yana da kyau uba ko wani babba na gida ya raka ta. Ana saurarar ɗaliba daban in an ga rawani a bayanta.

Wanda hukumar samar da aikin yi ta ANPE ta tura shi sitaj yana da kwangila a rubuce da hukumar ta sani, don haka ita ce makarantarsa a wannan fuska, can zai fara kai takarda. In kuma wurin na gwamnati ne, mai laifin ma'aikacin gwamnati, wasiƙar tana zuwa ga shugaban wurin da ofishin jiha da ke samansa, domin su ke da ikon ladabtar da shi, ba sufeton ƙwadago ba.

Sai maganar ƙara. Kafin a taka kwamisariya, mun fi son a fara da wanda zai duba shaidar ya faɗi gaskiyar ƙarfinta. Akwai hukumar ANAJJ, wadda doka mai lamba 2011-42 ta ranar 14 ga Disamba 2011 ta kafa don ba da shawarar shari'a kyauta da taimaka wa marasa hali samun mai kare su, tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Akwai ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, AFJN, da ta daɗe tana sauraron irin waɗannan koke. Daga nan ana iya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, kuma duka biyun suna da sashen kare mata da ƙananan yara, sai a nemi shi da suna maimakon a zayyana labari a kan teburin bakin ƙofa jama'a na ji. Ana kuma iya rubuta ƙarar kai tsaye ga mai shigar da ƙara na gwamnati a kotu, hanyar da ta fi dacewa in wanda ake ƙara mai faɗa a ji ne a garin, ana tsoron a kashe maganar tun a ƙasa. Duk inda aka je, a karanta abin da aka rubuta kafin a sa hannu. Wanda Faransancinsa bai nuna ba ya nemi a fassara masa, ya kuma riƙe lambar takardar. In mai shigar da ƙara ya ajiye maganar bai bi ba, ba ƙarshenta ke nan ba, doka ta bar hanyar kai ta gaban alƙali mai bincike, kuma a nan ne lauya yake zama dole.

Duk wannan tsari na wadda ke da sauran lokaci ne. Wadda aka kulle wa ƙofa, ko aka kai wa hannu, ba ta jiran wasiƙa: ta fita, ta kira 17, kada ta koma wurin ita kaɗai. In an yi fyaɗe, asibiti ne farko, wani asibitin daban ba wanda abin ya faru ba, kafin wanka da wanke tufafi in da hali, kuma cikin awa 72, domin maganin kariya daga cutar sida ba ya aiki bayan nan. A nemi takardar likita.

Yanzu ga inda muke ganin matasa suna faɗawa rami da ƙafarsu. Zuciya ta ɓaci, an ga kamar ba mai saurare, sai a ɗauki hoton mutum da sunansa da na wurin aikinsa a watsa a Facebook ko a rukunonin WhatsApp. Mun fahimci zafin. Amma dokar laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 tana hukunta ɓata suna da zagi ta waya. A 2022 an cire ɗauri daga waɗannan laifuka, sannan dokar da hukumomi suka fitar ranar 7 ga Yuni 2024 ta mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 a kurkuku, da tarar miliyan 1 zuwa miliyan 5. A ajiye lissafin biyu gefe da gefe. Wanda ya matsa wa yarinya da ikon muƙaminsa, ɗaurinsa bai kai shekara ba, tararsa ba ta wuce jaka 200. Ita kuwa, ko yayanta da ya watsa don kishin ƙanwarsa, in aka kama su da ɓata suna, suna iya shan shekara 3 da miliyan 5. Ma'aunin ya karkace, kuma muna ganin ya kamata masu doka su dube shi. Amma kafin a gyara, haka yake, kuma mai kuɗi ya fi saurin samun lauya. Hoton saƙon da zai zama hujja a hannun mai shigar da ƙara, shi ne zai zama abin tuhuma in aka fara kai shi kasuwar waya.

Mu koma ga ɗaya nau'in zaluncin, wanda ba a jin kunyar faɗinsa amma an saba da shi har ya daina ba da mamaki. Saurayi ya gama karatun lissafin kuɗi, wani kamfani ya ɗauke shi sitaj na wata uku da baki. Wata uku suka wuce, aka ce ya ƙara uku. Yau wata 14. Shi ke riƙe da akwatin kuɗi, shi ke rufe lissafin wata, yana zuwa Litinin zuwa Asabar daga ƙarfe 8 zuwa 6 na yamma. In an cire awa ɗaya ta salla da abinci, awa 54 ke nan a mako, 14 sama da abin da doka ta ƙayyade. Ana ba shi jaka 20 a wata da sunan kuɗin kabu-kabu, abin da bai kai ko tsohon mafi ƙarancin albashi na sefa 30,047 da aka tsayar tun 2012 ba, balle 42,000 da gwamnati ta yanke a koma. Ba mai koya masa kome, shi ne ma yake koya wa sababbi.

Wannan, sabanin ɗalibarmu, ƙofar ƙwadago tasa ce. Sashe na 2 bai dubi sunan da aka laƙaba wa mutum ba, ya dubi abu uku: yana aiki, yana ƙarƙashin umarni, ana biyansa. Alamar sitaj na gaskiya ita ce yana da wa'adi, yana da mai koyarwa, kuma in mai sitaj bai zo ba aiki ba ya tsayawa. In rashin zuwanka yana hana a buɗe kanti, kai ma'aikaci ne da aka ƙi rubutawa. Rashin kwangila a takarda ba ya kashe maganar, ana iya tabbatar da aiki da wasu hujjoji: rajistar zuwa aiki, saƙonnin umarni, takardun da ya sa wa hannu, shaidar kuɗin da ake turo masa ta waya duk ƙarshen wata. A nan sai mu ja kunne: ya adana abin da ya shafi aikinsa shi, kada ya kwashi sirrin kamfani ko takardun abokan ciniki, domin wannan zai ba su sandar dukansa. Haka mai sitaj a asibiti, kada hoton takardar majinyaci ya shiga wayarsa da sunan shaida.

Zai je ofishin sufeton ƙwadago na jiharsa. Sufeto yana kiran ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. In an daidaita a rubuta, in ba a daidaita ba a rubuta hakan, maganar ta wuce kotun ƙwadago, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Abin da zai nema shi ne a amince shi ma'aikaci ne, a cika masa gibin albashi da na awowin da suka haura, a rubuta shi a asusun CNSS, a ba shi takardar shaidar aiki. Akwai kuma hanyar da ba a cika sani ba: mutum yana iya sanar da sufeto halin da ake ciki ya nemi a kai ziyarar bincike, kuma yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita tun 1979, ta wajabta wa sufeto ɓoye wanda ya kawo koken. Sai dai kada mu yaudari kowa. A ofishin da ke da mai sitaj ɗaya, ba sai an yi duba ba a san wanda ya yi magana. Sufetocin kaɗan ne, shari'a tana jan ƙafa, kuma da wuya wanda ya kai ƙara ya ci gaba da zama a wurin. Shi ya sa lokacin da aka zaɓa yake da muhimmanci: a fara neman takardar shaida mai ɗauke da ranar farawa da aikin da ake yi, a ce za a nemi wani aiki da ita, in ta shiga hannu sannan a tafi wurin sufeto. Kada kuma a bari ya daɗe, domin neman bashin albashi yana da wa'adi a doka, in ya wuce ya wuce.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye, mu iyaye da malamai, domin sau da yawa ba doka ke rufe bakin yarinya ba, gida ne. Ana cewa a rufa asiri, Musulmi ba ya tona ɗan uwansa, ko a tsorata ta da cewa in ba ta da shaidu huɗu ta yi ƙazafi. Wannan cakuɗa abubuwa ne. Shaidu huɗu sharaɗi ne ga wanda ya jefi wani da zina. Wadda ta ce shugabana yana yi mini barazana da makina, ga saƙonsa, ba ta jefi kowa da zina ba, ta kai kukan zalunci ne. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana, kuma Imam Nawawi a Riyadus Salihin, da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, da kai kukan zalunci ga mai ikon hanawa ya fara. A lura, ga mai ikon hanawa, ba ga duk mai waya ba, kuma a nan fiƙihu da shawarar lauya suka haɗu. Rufin asiri na wanda ya yi laifi tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda duk wata uku ake kawo masa sababbin ɗiyan mutane, rufa masa asiri miƙa masa ta gaba ne.

Sulhun zaure ma a yi hattara da shi. Dattawa su zauna, mutum ya ba da haƙuri, a yi fatiha a tashi, bayan mako biyu makin yarinya ya fito ƙasa, ba wanda zai iya cewa kome don an riga an yafe. In iyali suka zaɓi sulhu, haƙƙinsu ne, amma a gama shi da abin da ake iya riƙewa: takardar shaidar kammalawa a hannu kafin a tashi, wani daban ya ba da maki, makaranta ta sani a rubuce don kada ta sake tura masa ɗalibai, kuma ba a goge kome daga wayar ba. Kada a karɓi ambulan, domin gobe ita za a nuna a ce dama kuɗi suke nema. Kuma kada a cire yarinyar daga karatu da sunan kare ta, alhali saura mata mako shida ta karɓi abin da aka yi shekara uku ana biya.

Ga waɗanda ƴaƴansu za su fara sitaj bana, kafin ranar farko a nemi kwafin yarjejeniyar a ajiye a gida, a san sunan malamin makaranta da ke bibiyar ɗalibin da lambarsa, a tambayi ko akwai kwanan aiki, su wa ake kwana da su, da yadda ake dawowa gida. In wurin ya ce ba ya rubuta yarjejeniya, makaranta ta rubuta wasiƙar turawa mai ɗauke da ranakun da sunan mai dubawa, a sa mata hatimin wurin ranar da aka kai ta.